Wata uku na gyaran shago da iyakar ƙarin haya: abin da za ki rubuta wa mai filaza a Gwarinpa

"Assalamu alaikum Malam. Atamfa da leshi nake sayarwa. Na samu shago a wata sabuwar filaza a Gwarinpa, naira miliyan 6 a shekara, kuma kuɗin shekara biyu suke so a biya lokaci guda. Filasta kawai aka yi wa shagon, babu tayil babu silin. Mai aikina ya ce gyara zai ci kusan miliyan 9, ya ɗauki wata biyu da 'yan kwanaki. Ejan ya ce in turo buƙatuna ta imel ya kai wa Alhaji. Ina so kada a ƙirga mini haya lokacin gyara, kuma kada a riƙa yi mini ƙari yadda aka ga dama. Yaya zan rubuta?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin komai, kada ki biya ko sisi, har abin da ejan zai kira kafin alƙalami, sai an gama wannan magana a rubuce. Ƙarfinki duka yana cikin miliyan 12 ɗin da ke hannunki yanzu. Ranar da suka shiga asusun Alhaji, duk abin da za ki nema ya koma roƙo.

Ki sani kuma a Abuja babu dokar da za ki dogara da ita ki ce an wajabta wa mai gini ya ɗaga miki wata ɗaya, ko an hana shi ƙara haya fiye da kaza. Dokar karɓar gida daga hannun ɗan haya da ake aiki da ita a birnin tarayya maganar notis da hanyar fitar da mutum take yi, ba ta yanka farashi. Abin da kuka rubuta kuka sa wa hannu shi ne zai yi aiki a tsakaninku. Shi ya sa nake cewa masu shago su daina rubuta "a taimaka a duba mana". Su rubuta kwanan wata da adadin kuɗi.

Mu fara da lokacin gyara, domin a nan aka fi samun rashin fahimta. A inda ake biyan haya wata-wata, idan aka ce an ɗaga miki wata uku, ma'anarsa ba za ki biya komai ba a watannin. A Abuja kuwa, inda ake karɓar kuɗin shekara ɗaya ko biyu tun kafin a ba da makulli, babu mai ginin da zai cire miliyan 1.5 daga cikin kuɗin da ya riga ya ƙirga a ransa. Idan kika rubuta "a rage mini kuɗin wata uku", amsar a'a ce tun kafin ya kai ƙarshen layin. Abin da za ki nema shi ne a bar kuɗin yadda yake, a matsar da ranar da za a fara ƙirga shekara biyun. Ki biya miliyan 12 cif, a ba ki makulli ranar 1 ga Agusta 2026 misali, ƙirge ya fara 1 ga Nuwamba 2026, ya ƙare 31 ga Oktoba 2028. Kin zauna wata 27 da kuɗin wata 24. A lissafi, hayarki ta sauko daga naira 500,000 a wata zuwa kusan 444,000, ragin kashi 11 cikin 100 ke nan. Amma Alhaji bai mayar da ko kwabo ba, kuma hayar shagonsa a takarda tana nan miliyan 6, wanda yake da muhimmanci a wurinsa fiye da yadda kike zato: idan labari ya zaga filaza cewa an ba ki a ƙasa da farashi, duk wanda zai kama shagon kusa da naki da wannan zai fara ciniki.

Me zai sa ya yarda? Hujjarki tana cikin miliyan 9 ɗin nan, amma sai kin raba su gida biyu. Ki sa mai aikinki ya rubuta miki jerin aikin da farashinsa. Akwai abin da zai zauna a ginin ko kin tashi: tayil, silin, wayarin da soket, fenti, gyaran banɗaki, ƙofar gilashi. Akwai kuma wanda za ki kwashe ki tafi da shi: kantoci, madubai, na'urar sanyaya ɗaki, allon suna. A ce na farkon ya kama miliyan 3.5, na biyun miliyan 5.5. Miliyan 3.5 ɗin kaɗai za ki sa a gaba, domin su ne ribar mai gini. Kina ce masa ne: zan zuba miliyan 3.5 a bangonka da ƙasanka, ina neman ɗagin da darajarsa miliyan 1.5 ce. Ɗan kasuwa yana ganin wannan lissafin ya gane. Idan kika ambaci miliyan 9 a dunƙule, abin da zai ji kawai shi ne wannan baiwar Allah tana da kuɗi.

Ki nemi wata uku ko da yake an ce miki biyu da 'yan kwanaki. Ba don ciniki kaɗai ba. Mai silin ba ya shiga sai mai wayarin ya fita, fenti ba ya bushewa da wuri a damina, mai gilashi kuma ba ya yanka sai ya auna bayan an gama tayil. Jinkirin mutum ɗaya yana tura kowa. Idan aka tsaya a wata biyu ba ki faɗi ba, domin wata 26 da miliyan 12 ya kama kusan naira 461,500 a wata. Ƙasa da sati shida dai ba zai yi miki amfanin kirki ba a shagon da babu ko tayil.

Abin da ya fi yawan watannin muhimmanci shi ne daga yaushe suke farawa. Kada ki yarda da "daga ranar biya". Sabuwar filaza takan zama da sauran aiki: ba a sa mitar shago ba, ba a haɗa ruwa ba, rufi yana yoyo ta kusurwa. Idan an fara ƙirga miki wata uku alhali babu wutar da mai walda zai jona injinsa, kyautar ta ƙare a jira. Ki lissafa ayyukan da suke kan mai gini, ki ce ranar miƙa makulli ita ce ranar da aka gama su, kuma duk kwanan da aka yi jinkiri, ranar fara ƙirge da ranar ƙarewa su matsa da kwana ɗaya. Ki nemi mitar kati ta AEDC ta shagon shi kaɗai, ki kuma sa a tabbatar babu bashi a kanta. Idan a damina za ki karɓa, ki je ki tsaya a cikin shagon bayan an yi ruwa mai ƙarfi, ki ɗaga kai ki dubi simintin saman shagon da gefen taga, ki ɗauki hoto. Tabon ruwa a kan siminti ba ya ɓuya, amma da zarar kin rufe shi da silin ya zama naki.

Duk da wannan sharaɗin, sai an rubuta takamaiman kwanan wata. A 1988 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar bankin UBA da kamfanin Tejumola, inda aka yi ta musayar wasiƙu kan hayar gini, kotu ta ce babu yarjejeniyar hayar da ta ƙullu, kuma daga cikin dalilan akwai rashin tabbatacciyar ranar da hayar za ta fara. Don haka "idan an gama gyara" ba rana ba ce. Ki sa rana, sannan ki sa yadda za ta matsa.

Akwai wani ƙaramin abu da ke rushe duk wannan, wato rasit. Na sha ganin an daidaita da baki, ejan ya zaro littafinsa ya rubuta "hayar shekara biyu daga 1 ga Agusta 2026 zuwa 31 ga Yuli 2028", saboda haka hannunsa ya saba, ba lallai da mugun nufi ba. Bayan shekara biyu an sauya manaja, sabon ya buɗe fayil, rasit ya gani. Ki karanta kwanakin da ke kan rasit kafin ki bar ofishin, su zo daidai da na yarjejeniya.

Yanzu maganar ƙari, wadda ta fi wuya kuma ta fi tsada. Iyakar ƙari ba ta da wani amfani idan ba ki da haƙƙin sabunta haya. Ki duba yadda abin yake: shekara biyun farko kin biya, babu ƙari a cikinsu. Ƙarin zai zo ne a shekara ta uku, lokacin da yarjejeniyarki ta riga ta ƙare. Idan takarda ta ce ƙari ba zai wuce kashi 15 cikin 100 ba, amma ba ta tilasta wa mai gini ya sabunta miki ba, ba sai ya karya alkawari ba. Cewa kawai zai yi yana buƙatar shagonsa, ya ba wani a miliyan 10, da tayil ɗinki da silin ɗinki. Kada kuma ki jingina da notis ɗin wata shida da ake yawan faɗa. Wannan na mai hayar shekara-shekara ne wanda ba a yanka wa wa'adi ba. Hayar da aka rubuta ranar ƙarewarta tana mutuwa da kanta a ranar, abin da ya rage wa mai gini shi ne notis ɗin kwana bakwai na niyyar zuwa kotu ya karɓi wurinsa. Saboda haka buƙatar guda biyu ce a ɗaure: zaɓin sabuntawa na shekara uku wanda yake hannunki ke kaɗai, muddin ba a bin ki bashin haya, da kuma iyakar abin da za a ƙara a waɗannan shekarun.

Nawa za ki nema? Ki sa kanki a matsayin Alhaji. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disamba 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Mutumin da ya sayi siminti da rodi a wannan yanayi, ka ce masa ya ɗaure kansa da kashi 5 na shekara biyar, zai ga raini ne. A ganina ki buɗe da kashi 10, ki shirya tsayawa a 15. Idan ya kafe a 25, to sunan iyaka kawai ya rage, domin a shekara ta biyar hayar ta kai miliyan 11.7, kusan ninki biyu.

Kashi 15 ɗin ma fuska uku gare shi, kuma kowa zai karanta wadda ta yi masa daɗi. Idan kowace shekara a kan miliyan 6 na asali ake ɗorawa, za ki biya miliyan 6.9 a shekara ta uku, 7.8 a ta huɗu, 8.7 a ta biyar. Idan a kan hayar shekarar da ta gabata ake ɗorawa, ya zama miliyan 6.9, sai naira 7,935,000, sai 9,125,250. Fuska ta uku ita ce mai zafi: lauyan mai gini ya ce "kashi 15 a kowace shekara" ya haɗa da shekara ta biyu, an dai jinkirta karɓa ne saboda kin biya gaba ɗaya, don haka shekara ta uku daga 7,935,000 za ta fara. Bambancin ya haura miliyan 1 a shekara ɗaya tak, daga jimla guda da kowa ya sa wa hannu yana murmushi. Maganinsa mai sauƙi ne: bayan kin faɗi kashin, ki rubuta adadin naira na kowace shekara kusa da shi. Ki kuma yi amfani da "ba zai wuce ba", kada ki rubuta "za a ƙara", in ba haka ba kin mayar da iyaka ta zama farilla ko kasuwa ta faɗi.

Sai ƙofar baya, wato kuɗin hidima na filaza, na masu gadi da shara da dizal ɗin janareto. Mai ginin da aka ɗaure wa hannu a haya yana iya huce haushinsa a nan. Ba za ki iya neman a daskarar da shi ba, domin farashin dizal ba a hannunsa yake ba. Abin da za ki nema shi ne a caje ki ainihin abin da aka kashe, a raba gwargwadon faɗin kowane shago, a nuna lissafi sau ɗaya a shekara, kuma kada a cusa manyan ayyukan gini irin sauya rufi ko sayen sabon janareto a ciki. A watannin gyara kuwa ki ce za ki biya kuɗin hidima da wutarki. Ma'aikatanki za su tara ɓaraguzai su sha wuta, kuma faɗin haka da bakinki yana nuna ba cin banza kika zo yi ba.

Ga yadda zan rubuta saƙon da ni ne ke. A layin take ki sa lambar shagon, sannan ki ƙara kalmomin nan na lauyoyi yadda suke: subject to contract. Suna nufin babu wanda maganar ta ɗaure sai an sa hannu a yarjejeniya, kuma su ma sun taka rawa a shari'ar 1988 da na ambata.

"Assalamu alaikum. Ina gaida Alhaji da fatan alheri. Na duba shago mai lamba 14 kuma ya yi mini. Na amince da hayar naira 6,000,000 a shekara, kuma a shirye nake in biya naira 12,000,000 na shekara biyu cikin kwana bakwai da sa hannu a yarjejeniya, bisa waɗannan sharuɗɗa.

Na ɗaya, za a miƙa mini makulli ranar 1 ga Agusta 2026, bayan an sa mitar shagon, an haɗa ruwa, an gyara yoyon da ke kusurwar baya, wanda na haɗo hotonsa. Zan yi tayil, silin, wayarin, fenti, banɗaki da ƙofar gilashi da kuɗina, kimanin naira 3,500,000 kamar yadda takardar mai aikina da ke haɗe ta nuna, kuma duk za su zama na ginin ranar da na tashi. Kantoci, madubai, na'urar sanyaya ɗaki da allon suna nawa ne, zan cire su in gyara inda suka taɓa. Saboda wannan aiki ina neman shekara biyun su fara ƙirguwa daga 1 ga Nuwamba 2026 zuwa 31 ga Oktoba 2028. Idan miƙa makulli ya yi jinkiri, waɗannan ranaku su matsa da adadin kwanakin jinkirin. Zan biya kuɗin hidima da na wuta tun daga ranar da na karɓi makulli.

Na biyu, ina neman zaɓin sabunta haya na ƙarin shekara uku, ana biya shekara-shekara, idan na sanar a rubuce wata uku kafin wa'adi ya cika kuma ba a bi na bashi. Ƙarin kowace shekara ba zai wuce kashi 10 cikin 100 na hayar shekarar da ta gabata ba, wato kada ya haura naira 6,600,000 a shekara ta uku, 7,260,000 a ta huɗu, 7,986,000 a ta biyar. Bayan shekara ta biyar sai a koma farashin kasuwa, idan ba mu daidaita ba ƙwararren mai kimanta gidaje mai rajista da muka yarda da shi ya yanke.

Na uku, kuɗin hidima ya zama ainihin abin da aka kashe, a raba bisa faɗin shaguna, tare da lissafi sau ɗaya a shekara.

Zan yi farin ciki idan na samu amsa kafin ranar Juma'a mai zuwa, domin in tsayar da masu aiki. Allah ya ƙara arziki, ya sa albarka. Na gode."

Ki lura da abin da ya zo farko: yarda da farashinsa da alkawarin biya cikin kwana bakwai. Wannan ne layin da ejan zai karanta wa Alhaji a waya, kuma shi ma ejan ladansa, wanda yawanci kashi 10 ne na haya, ba ya fitowa sai an ƙulla. Kin mayar da shi mai tura maganarki. Ki lura kuma babu dogon labari, babu kukan tsadar rayuwa, babu "wani wuri ya fi araha". Idan da gaske kina da wani shagon a hannu, jimla ɗaya ta isa. Idan babu, kada ki ƙirƙira, dillalan Gwarinpa sun san juna. Maganar komawa farashin kasuwa bayan shekara biyar kuma da gangan na sa ta. Ita ce take nuna wa mai gini ɗaurin yana da ƙarshe, kuma sau da yawa ita take sa a sa hannu.

Ban so imel ya zama farkon jin sunanki da Alhaji zai yi. Ki nemi ejan ya haɗa ku, ki je da maigida ko wani babba naki a gaisa, a faɗi maganar a taƙaice, saƙon ya biyo baya a matsayin rubuta abin da aka tattauna. Dattijo da yawa suna jin nauyin a turo musu sharuɗɗa lamba-lamba daga wanda ba su taɓa gani ba. Ziyarar tana da wani amfanin: za ki tabbatar wane ne mai ginin, kuma ko ejan yana da ikon amincewa a madadinsa. Idan manajan ba ya karanta Hausa, ki sa a mayar da saƙon Turanci ba tare da an taɓa lamba ko ɗaya ba, ki tura duka biyun.

Amsar da na fi zato ita ce: wata biyu, kashi 20, sabuntawa kuma "sai lokacin ya yi, ai mun zama ɗaya". Idan dole sai kin saki wani abu, ki saki wata ɗayan. Darajarsa naira 500,000 ce, sau ɗaya. Tazarar kashi 15 da 20 kuwa, idan kika tara shekaru ukun, ta haura miliyan 2.2, kuma rashin zaɓin sabuntawa yana iya cinye miliyan 3.5 ɗinki da kwastomomin da suka saba da ƙofar. Don haka ki amsa da cewa kin karɓi wata biyu, a tsaya a kashi 15, zaɓin sabuntawa ya shiga takarda. Idan ya ƙi zaɓin ƙememe, to ki rage abin da za ki binne a ginin, tayil mai sauƙi da silin mara ado, ko ki nemi a rubuta cewa idan bai sabunta ba alhali ba ki saɓa komai ba zai mayar miki da rabin kuɗin aikin da ya zauna.

Idan amsa ta zo ta waya ko ta saƙon murya, a ranar ki tura imel: "Kamar yadda muka yi magana yau, an amince da kaza da kaza, a tabbatar mini." Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba da damar kotu ta karɓi irin waɗannan saƙonni idan an cika sharuɗɗansa, amma ki tuna da kanki kika rubuta cewa ba su ɗaure kowa ba sai an sa hannu. Yarjejeniyar kuma lauyan mai gini ne yakan tsara ta, ko da daga aljihunki kuɗin aikinsa ya fita, kuma galibi tsohon samfuri yake ɗaukowa ya sauya suna. Za ki iya tarar da "mai gida yana da ikon duba haya a ƙarshen kowace shekara" zaune a shafi na huɗu, babu ko ɗaya daga cikin abin da kuka daidaita. Ki ba lauyanki na kanki daftarin tare da imel ɗin, ya bi su layi-layi. Ki tambaye shi musamman kan tsawon wa'adin, domin hayar da ta wuce shekara uku tana da ƙarin ƙa'idoji na hatimi da rajista, kuma yadda aka tsara zaɓin sabuntawar yana iya shafar hakan. Bayan sa hannu a biya harajin hatimi a kan takardar, kuɗin hayar kuma ki tura shi asusun da aka rubuta sunansa a cikin yarjejeniyar, ba na ejan ba.